Shirin darasi: ƙirga daga 1 zuwa 5 da waƙar jar akuya

Ajin ƴan shekara 4 zuwa 5, unguwar Zariya, Maraɗi. Talata 14 ga Janairu 2025, ƙarfe 9 na safe. Yara 32, minti 30.

Malama, ga abin da nake so mu cimma. Yaranmu suna rera ɗaya zuwa goma kamar karatun aku, amma in aka ce "miƙo mini uku" sai su damƙo cikin hannu. Yau kowace lamba za ta zo da motsinta: a faɗe ta, a yi tsalle, a taɓa abu.

Kayan aiki: tabarmi huɗu, ƙwarya da ludayi don kiɗa, marafan kwalba 80, biyar ga kowane yara biyu. Kada a kawo gujiya, kafin mu kai uku sun cinye darasin.

Minti 5 na farko, da yake hunturu ne, a fitar da su hantsi, a yi da'ira. Gaisuwa, murza tafin hannu, tafi. Ki tambaye su wa ke da jar akuya a gida, me take ci, yaya take kuka. Za su ɓarke da surutu, ki bar su kaɗan.

Minti 12, waƙa. Ke ce mai bayarwa, su ne ƴan amshi:

Akuya ɗaya ta sha ruwa a gulbi.
Mee! Tsalle ɗaya!
Awaki biyu sun ci harawa.
Mee, mee! Tsalle biyu!
Awaki uku sun hau tudu.
Awaki huɗu sun ratsa kasuwa.
Awaki biyar sun koma gida.

Amshin yana ƙaruwa da adadin awakin. Zagayen farko a zaune, da yatsu kawai. Na biyu a tsaye, ki buga ƙwarya sau ɗaya ga kowane tsalle, a hankali. Nan ne darasin yake. In kiɗan ya yi sauri, tsalle zai rabu da ƙirga, su koma wasa zalla. Wajen huɗu suka fi rikicewa, ki maimaita baitin. A zagaye na uku yara biyar su zama awakin, suna shiga tsakiya ɗaya bayan ɗaya, saura na nuna su da yatsa. Ki sa masu kunyar nan biyu a ciki, rawa ba ta yi musu wuya kamar magana.

Minti 8, a zauna bibiyu a tabarma. Ki buga ƙwarya, su jera marafai daidai da bugun. Ni zan zagaya in rubuta wanda ke taɓa marfi ɗaya sau biyu, su za mu ware gobe. Ki sa ido, kada kowa ya kai marfi baki.

Ragowar minti 5, awaki sun gaji: a kwanta, a ja numfashi sau biyar, sannan wanke hannu. Saƙon gida: kowa ya ƙirga wa inna cokula biyar.