Injin esfireso na farko: inda za ka sa kuɗinka, da abin da mai araha ba zai iya ba

Idan kuɗinka ƙalilan ne kuma kana son esfireso a gida, shawarata ɗaya ce tun daga farko: raba kuɗin biyu, rabi ga injin, rabi ga abin niƙa. Na san ba haka ido yake so ba. Ido yana son injin mai ƙyalli a kan kanta. Amma esfireso ruwan zafi ne da ake tura wa ta cikin garin kofi mai laushi da matsi na kusan bar 9, kuma laushin garin shi ne ke yanke hukunci. Giram 18 na gari ya kamata ya ba ka kusan giram 36 na kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In garin ya yi tsaki-tsaki, ruwan zai zarce, kofin ya fito da tsami. In ya cika laushi, sai ɗigo-ɗigo da ɗaci. Abin niƙa mai wuƙa irin na markaɗe ba zai taɓa daidaita maka wannan ba. Nemi mai haƙoran niƙa, ko na hannu ne, muddin ana iya saita laushinsa kaɗan-kaɗan.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Bar 15 ko 20 iyakar ƙarfin famfon ne, ba alamar inganci ba. Akwai kuma wasu ƙanana da ba su da famfo sam, tururi ne ke tura ruwan. Waɗannan ka bar su a kanti, gara ka sayi tukunyar moka, 'yar butar dafa kofi da ake ɗorawa a kan wuta, ka san abin da ka saya.

Injina na farko irin mai araha ne, kuma na yi watanni ina murna da kumfar da ke saman kofina, ina nuna wa baƙi. Ranar da na kife ƙoƙon ƙarfen da ake zuba garin na duba gindinsa, sai na ga huda guda ɗaya tak, kamar bakin allura. Ashe ƙoƙon mai bango biyu ne: yana tilasta wa kofin fita ta wannan huda, shi ya sa yake kumfa ko da garin ya kwana biyu a leda. Yana da amfani ga mai sayen niƙaƙƙen kofi, amma yana rufe kuskure, kuma ba ya bari ka ji bambancin waken kofi mai kyau. Tambayi mai sayarwa ko injin zai karɓi ƙoƙo mai bango ɗaya, sannan ka tambayi faɗinsa. Masu araha yawanci milimita 51 ne, Breville Bambino 54, Gaggia Classic da Rancilio Silvia kuwa 58, wanda shi ne ma'aunin injinan shago, don haka kayansa sun fi sauƙin samu.

Babbar gazawar mai araha ita ce zafi. Esfireso yana son ruwa tsakanin digiri 90 da 96, kuma ya tsaya cak har a gama. Ƙaramin inji yana hawa yana sauka, shi ya sa kofin safe zai yi daɗi, na biyu ya fito daban alhali ba ka canza komai ba. Waken da ba a gasa sosai ba, irin na Habasha mai ƙamshin 'ya'yan itace, a nan yake shan wahala. Mai gashi sosai ya fi yafiya, da shi za ka fara.

Sai madara. Tukunyar dumama ruwa guda ce a injin mai araha, don haka ba za ka tatsi kofi kana busa madara da tururi lokaci ɗaya ba. Ka gama wannan, ka jira zafi ya hau, ka yi wancan. Kofi biyu da safe ba matsala. Baƙi shida a falo kuwa, na farko zai huce kafin na ƙarshe ya samu. Mai niyyar buɗe shago da irin wannan inji ya haƙura, ba don haka aka ƙera shi ba.

Kafin ka biya, duba lambar wuta a ƙarƙashinsa. Na gwanjo daga Amurka yawanci na bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Kuma yawancinsu suna jan wat 1,000 zuwa 1,500, abin da ƙaramin janareto ko inbata ba zai ɗauka ba. Inda wuta ba ta tsayawa, na hannu irin Flair ya fi: ka tafasa ruwa a buta, ka zuba, ka danna da ƙarfinka, kuma yana kai matsin da ake buƙata. Ruwan rijiyar burtsatse mai kanwa-kanwa yana toshe bututun inji, saboda haka yi amfani da tataccen ruwa, ka riƙa wanke cikinsa bayan 'yan watanni. Ka kuma ware ɗan canji don ƙaramin sikeli mai auna giram, domin ba a auna 18 da 36 da ido.