Wasiƙa Zuwa Ga Membobin Ƙungiya Kan Saƙonnin Tunatarwar Biyan Bashi

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana membobin ƙungiyar gama kai ta ƙauyenmu da ke Ƙaramar Hukumar Wurno, Jihar Sakkwato.

Ina sanar da ku cewa daga farkon watan gobe, duk wanda ya karɓi bashin taki ko na irin albasa zai riƙa samun saƙo a wayarsa kwana 7 kafin ranar biya, da wani a ranar kanta, ɗauke da sunansa da kuɗin da ya rage a kansa. Na'ura ce ke aikawa daga lissafin da ke hannuna, saboda haka kada dattijo ya ɗauka an raina shi. Ni ma da nake riƙe da littafin zai zo mini.

Saƙon ba ya cire ko kwabo daga asusun kowa, kuma ba zai taɓa neman lambar sirri ba. Wanda aka nemi tasa, ɗan damfara ne ya same shi, kada ya bayar.

Wanda ya canza layi, ko ya ga adadin ya saɓa wa rasidinsa, ya same ni a ofis ranar Asabar bayan La'asar.

Naku,
Ma'ajin Ƙungiya