Takardar aikin ɗakin gwaji: auna oksijin da ya narke a ruwan tafkin kifi ta hanyar Winkler

Ruwan da za a auna na tafkin tarwaɗa ne na gonar kwaleji. Za a ɗebo shi sau biyu, da ƙarfe 6:30 na safe da kuma ƙarfe 3:00 na yamma. Hanyar ita ce wadda Lajos Winkler na ƙasar Hangari ya fito da ita a 1888, da ƙarin azayid don kawar da matsalar naitirait, wanda ba a rasa shi a tafkin kifi.

Ba oksijin ɗin ake aunawa kai tsaye ba. Manganis ne ke kama shi, asid ya sa ya saki aidin daidai gwargwadonsa, sannan a auna aidin ɗin da tayosalfet:

I₂ + 2S₂O₃²⁻ → 2I⁻ + S₄O₆²⁻

Kowane mol ɗaya na O₂ yana cin mol huɗu na tayosalfet.

Abin da za a tarar a kan tebur

Kwalba mai murfin gilashi mai cin mililita 300, buret, fifet uku, da tulun gilashi na taitireshan. Ruwan manganis: giram 364 na MnSO₄·H₂O a lita ɗaya. Ruwan alkali: giram 500 na NaOH, giram 135 na NaI, da giram 10 na NaN₃, wato azayid, a lita ɗaya. Sai H₂SO₄ mai kauri, ruwan sitaci, da tayosalfet mai ƙarfin 0.025 M, wato giram 6.205 na Na₂S₂O₃·5H₂O a lita. Tayosalfet yana rage ƙarfi idan ya jima a ajiye, don haka an tantance shi da KH(IO₃)₂ a safiyar yau. A kwafi ƙarfin da ke rubuce a jikin kwalbar.

Azayid guba ne. Safar hannu da tabarau dole, ba a tsotsar fifet da baki, kuma ragowar ruwan a jarkar shara za a zuba, ba a magudana ba.

A bakin tafki

Nan ne aikin ya fi lalacewa. A cika kwalbar ta siririn tiyo da ya kai har gindinta, a bar ruwa ya yi ta malala har ya sauya abin da ke ciki sau biyu ko uku. Wanda ya dulmiya kwalba tana ɓulɓul, iskar sama ya auna. A rubuta zafin ruwan nan take.

A sa mililita 1 na ruwan manganis, a bi shi da mililita 1 na ruwan alkali, kowanne da fifet ɗinsa. A ɗan karkata kwalbar a sa murfi yadda ko ƙwayar kumfa ɗaya ba za ta maƙale ba, sannan a yi ta kife ta ana mayarwa. Za a ga gudaji sun tashi. Idan launinsu ruwan ƙasa ne, akwai oksijin. Idan fari ne fat, kusan babu, kuma kada a yi mamakin ganin na asuba ya fito da haske sosai, domin gansakuka da kifi sun kwana suna shan iskar. In an hango kumfa a ƙarƙashin murfi, a zubar a sake ɗiba. Babu gyara.

A ɗakin gwaji

A jira gudajin su kwanta zuwa rabin kwalba. A buɗe, a sa mililita 1 na H₂SO₄, a rufe, a jujjuya har su narke sarai, ruwan ya koma kalar shayi. Idan an bar ɓurɓushi, sakamakon zai yi ƙasa.

A auna mililita 201 a tulu. Ɗayan da ke kai ba kuskure ba ne, ramuwa ce ta mililita 2 da sinadaran farko suka ture: 200 × 300 ÷ 298. A fara sakin tayosalfet ba tare da ɓata lokaci ba, saboda aidin yana tashi, musamman a zafin bazara. A riƙa kaɗa tulun har launin ya koma rawaya mai haske, irin na busasshiyar ciyawa. Sai a lokacin ake ɗiga sitaci. Ɗalibai da yawa suna gaggawar sa shi tun farko don su ga shuɗin, alhali sitaci yana riƙe aidin idan ya yi yawa, ya sa ƙarshen ya yi ta jan ƙafa. A ci gaba ɗigo-ɗigo, da farar takarda a ƙarƙashin tulu, har shuɗin ya ɓace karo na farko. A karanta buret. Idan shuɗin ya dawo bayan 'yan mintoci, iska ce ko naitirait. Kada a ƙara ko ɗigo.

Lissafi

Da tayosalfet 0.025 M cif, mililita 1 daidai yake da miligiram 1 na oksijin a lita. Idan kwalbar ta ce 0.0246 M, buret kuma ya nuna 5.80, sai a yi 5.80 × 0.0246 ÷ 0.025, a sami 5.71. A kwatanta da iyakar abin da ruwa zai iya ɗauka a daidai tsayin teku: kimanin 8.3 a digiri 25, 7.6 a digiri 30, ƙasa da haka kaɗan a kan tudu. Na yamma yana iya zarce wannan iyaka idan tafkin ya yi kore shar, kuma ba laifin buret ba ne. Ruwan da ke da ƙarfe da yawa ko kulorin ba ya aunuwa daidai da wannan tsari, a sanar da mai kula da ɗakin gwaji kafin a taɓa shi. Kowane rukuni zai miƙa sakamakon kwalabe biyu na kowane lokaci, tare da zafin ruwa da lokacin ɗiba.