Saƙon janye neman aikin malamin gona

Assalamu alaikum ranka shi daɗe Manaja, an wuni lafiya, ya aiki ya iyali, ya kuma sanyin ga da ya fara sauka. Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana.

Nasiru ne, yaron Yawuri da kunka yi wa intabiyu ranar Talata waccan a ofishinku na Argungu kan gurbin malamin gona na shiyyar Suru da Bunza, wanda ya zo da 'yar jakka baƙa kunka ce in aje ta bisa tebur in saki jiki. Na kira da safe sau biyu aka ce kuna mitin shi ya sa na ce bari in rubuto, don maganar ba ta jira gobe.

Ranka shi daɗe ina neman izini in janye sunana daga wanga neman aiki. Ba zan samu zuwa intabiyu na biyu da anka sa mani ranar Alhamis ƙarfe 10 ba. Dalili shi ne jiya Litinin na sa hannu ga takardar kama aiki a wani wuri, wani kamfanin iri da taki ne da ke da reshe nan Yawuri, na cika fom ɗinsu tun kafin in ga tallar naku, sun daɗe shiru har na cire rai sai ga kira ranar Juma'a sunka ba ni zuwa Litinin in ba da amsa. Na yi istihara na yi shawara da manya, na amsa masu, kuma zan fara 1 ga watan gobe in sha Allah.

Ina son in faɗi wani abu ƙarara don kada a fahimce ni baibai. Ba ciniki na zo yi ba, ba wai ina so a ƙara mani wani abu ko a gaggauta mani sakamako ba ne. Gaskiya ma in albashi za a bi naku da kunka ambata ya ɗara nasu, ga babur ga alawus na mai. Abin da ya rinjaye ni gida ne. Mahaifiyata na fama da hawan jini da ciwon suga, ni ke kai ta asibiti duk wata, ni ne babba namiji kuma ƙannena biyu suna makaranta. Daga Yawuri zuwa Argungu sai an bi ta Koko da Jega an ratsa Birnin Kebbi, ba tafiyar da mutum zai ce bari in leƙa in dawo da dare ba ce, balle a ce yana can cikin fadama inda sabis ɗin waya ke ɗaukewa. Aikin da na karɓa kuwa da ƙafa ma ina iya zuwa ofis. Tunda na riga na ba su kalmata ba zan zo in zauna gaban kwamitinku ina amsa tambayoyi kamar mai jiran aiki ba alhali na san ko an ba ni ba zan karɓa ba, wannan cin amanar lokacinku ne, kuma tauye haƙƙin sauran 'yan uwa ne da munka zauna benci ɗaya ranar nan kowa riƙe da fayil ɗinshi.

Abin da ya sa ma ban bari sai Laraba ba, na san lokacin da ake ciki. Manoman rani sun fara gyaran wurin zuba iri, kun kuma ce kuna so wanda anka ɗauka ya riga ya san ƙungiyoyin manomanshi kafin a fara dashe cikin Janairu. Malamin gona da ya zo bayan an yi dashe rabin aikinshi ya wuce, don ba shi ya ga irin da anka zuba ba, bai san wa ya sa Faro 44 wa ya haɗa da tsohon irin gida ba, sai ranar awo a ga shinkafa ta zo gauraye a fara jayayya da manomi. Don haka in akwai wanda ke bayana a jerin sunaye don Allah a kira shi yau ko gobe ya samu shirin zuwa Alhamis ɗin.

Akwai 'yan abubuwa da nike so in sauke daga wuyana. Naira 15,000 da akanta ya turo mani ranar Asabar na kuɗin mota da masauki suna nan ban taɓa ba, a taimaka a turo mani lambar asusun da zan mayar, yau ɗin nan zan tura in aiko da rasit. Hoton takarduna da na bari, na digiri daga jami'ar Aliero da na bautar ƙasa da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ba sai an wahala maido su ba, in ƙa'idarku ta yarda a bar su cikin fayil, in ba ta yarda ba a yage. Sannan mutum biyu da na ba da sunansu a matsayin masu tsaya mani na riga na sanar da su, ba sai an kira su ba. Malamina da ya yi maku maganata kuwa shi na fara gaya ma tun daren jiya, bai ji daɗi ba amma ya fahimta, shi ne ma ya ce kada in kuskura in yi shiru in ƙi zuwa kawai, in faɗa da bakina. In akwai laifi a nan nawa ne ba nashi ba, don Allah kada wannan ya hana a karɓi wani ɗalibin da zai turo gaba.

Wallahi ban ji daɗin rubuta wagga takarda ba. Tun 2015 da anka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi, ina sakandare lokacin, nike ganin yadda fadamunmu sunka canza kuma tun sannan nike burin in yi aiki da kamfanin da ke sayen shanshera hannun manomi kai tsaye. Intabiyun ku ma darasi ce gare ni. Tambayar da Hajiyar sashen awo ta yi mani kan abin da zan ce ma manomin da ya kawo kaya da danshi ya haura kashi 14 cikin 100 kuma yana rantsuwa ya shanya, har yau tana raina, na ba da amsar littafi ita kuma ta nuna mani cewa matsalar tun daga gona take, wurin shanya da tamfol da gaggawar biyan bashin mai na injin ban ruwa. Zan tafi da wannan sabon wurin aikina. Don Allah a miƙa mata gaisuwata da godiya, ita da sauran 'yan kwamiti, da maigadin da ya ba mu ruwa muna jira.

In kamfani na buƙatar in rubuto a hukumance da sa hannu, a faɗa mani in tura ta imel ko in ba direban motar Argungu ya kawo gobe da safe. Kuma tunda duk harkar shinkafa ɗaya ce, in wata rana aikinku ya biyo ta Yawuri ko Ngaski ko Shanga kuna neman wanda zai haɗa ku da manoma, lambata na nan ba ta canzawa, zan yi da farin ciki.

A yi mani afuwa kan ɗawainiyar da na sa ku. Allah shi zaɓa maku wanda ya fi ni alheri, shi ba da rani mai albarka. Ina jiran lambar asusun.

Naku,
Nasiru, daga Yawuri