Daftarin Sashe na 21: Matakan Warware Saɓani Kafin Zuwa Kotu

Kwangilar kafa na'urorin wutar sola masu ƙarfin kilowat 400 a rumbun sanyaya magunguna, tare da kula da su na shekara 5. Daftari na biyu, daga lauyan Mai Rumbu zuwa shugaban kamfanin.

Ranka ya daɗe, ga sashen da aka sake tsarawa bayan zaman da aka yi da lauyan Ɗan Kwangila. Sakin layin da ya fara da "Bayani" naka ne kaɗai, za a cire shi kafin a aika musu. Da yake Sashe na 20 ya zaɓi dokar Ingila, hukunce-hukuncen kotunan can ne aka auna kowace jimla da su.

21.1 Sharaɗin farko

Duk saɓanin da ya taso daga wannan Kwangila ko ya danganci ta, har da gardama kan ƙulluwarta, ingancinta, karya ta ko soke ta, dole ne ya bi matakan 21.2 zuwa 21.5 a jere. Babu ɓangaren da zai shigar da ƙara a kotu kan saɓanin sai matakan sun ƙare kamar yadda 21.6 ya tanada. Cika su sharaɗi ne da ke gaban 'yancin kai ƙara.

Bayani: Daftarinsu ya ce ɓangarorin "za su iya" neman sulhu. An mayar da shi "dole ne". Abin da aka bar wa mutum zaɓi a kai, kotu ba ta tilasta shi. A shari'ar Ohpen da Invesco ta 2019, Babbar Kotun Ingila ta dakatar da ƙara aka koma sulhu, domin wajibcin a fili yake, an nuna sharaɗi ne kafin ƙara, kuma hanyar da za a bi ba ta buƙatar sabuwar yarjejeniya.

21.2 Sanarwar Saɓani

(a) Ɓangaren da ke da ƙorafi zai aika wa ɗayan takarda mai taken "Sanarwar Saɓani a ƙarƙashin Sashe na 21", ta hanyar da Sashe na 19 ya tsara. Takardar za ta faɗi abin da ya faru da ranakunsa, sashen Kwangilar da ake dogaro da shi, abin da ake nema, da adadin kuɗin idan an san shi.

(b) Ranar da sanarwar ta isa hannun ɗaya ɓangaren ita ce "Ranar Farawa". Daga washegarinta ake fara ƙirga kowane wa'adin da aka jingina da ita.

(c) Wanda aka aika wa zai ba da amsa a rubuce cikin kwana 7. A cikin amsar zai kawo nasa ƙorafin da ya shafi wannan al'amari, kuma za a ɗauka an ba da sanarwarsa a Ranar Farawa.

(d) "Kwana" a wannan sashe kwanan kalanda ne. Idan ranar ƙarshe ta faɗo a ranar da bankuna ba sa aiki a wurin wanda wa'adin ya hau kansa, sai ta koma ranar aiki ta gaba.

Bayani: Taken da aka wajabta yana da aiki. Injiniyoyi kan yi ta musayar saƙonnin ƙorafi kan batura ko zafin rumbu, daga baya wani ya ce saƙonsa na watan jiya shi ne sanarwar, don haka wa'adi ya riga ya cika. Sakin (c) kuma yana hana a sake zagaye daga farko saboda wanda ake ƙara shi ma yana da abin nema.

21.3 Matakin farko: manajojin aiki

Manajan aiki na kowane ɓangare, wanda aka ambata a Jadawali na 2, zai gana da takwaransa aƙalla sau ɗaya cikin kwana 14 daga Ranar Farawa, ido da ido ko ta bidiyo. Idan saɓanin kan aikin na'urori ne, Ɗan Kwangila zai kawo bayanan cajin batura da na wutar da aka samar, Mai Rumbu ya kawo rajistar ma'aunin sanyi, dukkansu na kwana 30 kafin matsalar. Za a miƙa su kwana 3 kafin ganawar.

21.4 Mataki na biyu: manyan jami'ai

Idan kwana 14 suka cika ba a sa hannu kan sasantawa ba, maganar ta koma hannun babban jami'i ɗaya daga kowane ɓangare ba tare da wata sabuwar sanarwa ba. Jami'in zai kasance sama da manajan aiki a muƙami, ba shi ke tafiyar da Kwangilar yau da gobe ba, kuma yana da ikon ɗaure kamfaninsa da sasantawa. Za su gana aƙalla sau ɗaya, su tattauna da kyakkyawar niyya. Wannan mataki yana ƙarewa a kwana na 28 daga Ranar Farawa, an gana ko ba a gana ba.

Bayani: A nan ne galibin irin waɗannan sassa ke rushewa. Tun shari'ar Walford da Miles ta 1992 dokar Ingila ke kallon alkawarin "za mu tattauna" kawai a matsayin abin da ba shi da iyakar da alƙali zai riƙe. A 2014, a shari'ar Emirates Trading da Prime Mineral Exports, kotu ta ce sharaɗin tattaunawar zumunci abin tilastawa ne saboda an ɗaure shi da mako 4. Wa'adin ne ke ba sashen ƙafar tsayawa. Shi ya sa ba a yarda da buƙatarsu ta cewa matakin zai ƙare "idan an kasa daidaitawa" ba: wa zai ce an kasa? Wanda ake bi bashi ba zai taɓa cewa haka ba. An kuma rubuta muƙami maimakon sunan mutum, don shekara 5 ta isa kujera ta canja hannu.

21.5 Mataki na uku: sulhu ta hannun mai shiga tsakani

(a) Bayan kwana na 28, kowane ɓangare na da damar shigar da buƙatar sulhu a Cibiyar ADR ta Duniya, wato sashen sulhu na Majalisar Kasuwanci ta Duniya, ICC, kuma dole ne ɓangarorin biyu su shiga sulhun bisa Ƙa'idojin Sulhu na ICC da ke aiki a ranar da aka shigar da buƙatar.

(b) Mai shiga tsakani ɗaya ne. Idan ɓangarorin ba su gabatar da suna ɗaya tare ba cikin kwana 10 daga ranar da Cibiyar ta karɓi buƙatar, Cibiyar ce za ta naɗa.

(c) Za a yi zaman a Landan, da Turanci, sai dai idan an amince a rubuce a yi ta bidiyo. Kowane ɓangare zai aika taƙaitaccen matsayinsa, wanda bai wuce shafi 10 ba, kwana 5 kafin zaman. Wakilin da ke da ikon sasantawa zai halarci aƙalla zaman yini guda.

(d) Kuɗin Cibiyar da ladan mai shiga tsakani za a raba su biyu daidai. Kowa ya biya lauyansa.

(e) Idan ƙorafin ya taɓa ingancin batura, Ɗan Kwangila zai gayyaci kamfanin da ya sayar masa da su, matuƙar kamfanin ya sa hannu kan sharuɗɗan sirri na 21.8.

(f) Sasantawa ba ta ɗaure kowa sai an rubuta ta, wakilan ɓangarorin biyu sun sa hannu.

Bayani: Ambaton cibiya da ƙa'idojinta shi ne ya bambanta shari'u biyu. A ta Cable & Wireless da IBM, 2002, sashen ya jingina ga tsarin cibiyar sulhu ta CEDR, kotu ta tilasta shi. A ta Sulamérica da Enesa, 2012, an ce a yi sulhu amma ba a faɗi hanya ko mai naɗa mai shiga tsakani ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba abin tilastawa ba ne. Muddin akwai gurbin da sai ɓangarorin sun sake yarda kafin a ci gaba, wanda ba ya son sulhu zai tsaya a nan.

21.6 Lokacin da ƙofar kotu ke buɗewa

Kowane ɓangare na iya shigar da ƙara a kotunan Ingila da Wales, waɗanda su kaɗai ke da hurumi, da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya auku:

(a) kwana 45 sun cika daga ranar da Cibiyar ta karɓi buƙatar sulhu, ba a sa hannu kan sasantawa ba;

(b) Cibiyar ta sanar a rubuce cewa sulhun ya ƙare, bayan an yi zaman da 21.5(c) ya wajabta;

(c) ɗaya ɓangaren ya ƙi halartar zaman sulhun, ko ya ƙi biyan kasonsa na kuɗin ajiya cikin kwana 7 bayan an tunatar da shi a rubuce. Wanda ya gaza ba zai ci moriyar wannan saki ba.

Ana iya tsawaita wa'adi da rubutacciyar yarjejeniya mai ɗauke da sabuwar rana.

Bayani: Idan an shigar da buƙatar sulhu da zarar mataki na biyu ya ƙare, jiran gaba ɗaya kwana 28 ne da 45, wato 73, ko sama da haka kaɗan. Sun nemi kwana 120. Ga rumbun da ke riƙe da magani, wannan ya yi yawa.

21.7 Gaggawa da wa'adin kai ƙara

(a) Babu abin da ke hana wani ɓangare neman umarnin kotu na wucin gadi a kowane lokaci, don hana cire na'urori, yanke wuta, lalata shaida ko karkatar da dukiya.

(b) Ƙirgen duk wani wa'adin kai ƙara yana tsayawa daga Ranar Farawa har kwana 14 bayan aukuwar abin da ke 21.6.

(c) Idan duk da haka wani ɓangare na da dalilin fargabar wa'adi zai kuɓuce masa, zai iya shigar da ƙara don kare haƙƙinsa kawai, sannan ya nemi a dakatar da ita har matakan su ƙare.

(d) Ƙarar da aka shigar saɓanin 21.1, ɓangarorin sun amince a dakatar da ita, kuma wanda ya shigar ya ɗauki kuɗin neman dakatarwar.

Bayani: Dokar Wa'adi ta Ingila ta 1980 ta ba da shekara 6 ga kwangila irin wannan, kuma zaman sulhu ba ya tsayar da agogon da kansa. A shari'ar Kajima da Children's Ark ta 2023, an shigar da ƙara ana dab da ƙarewar wa'adi, ɗaya ɓangaren ya nemi a kore ta don ba a bi matakai ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi, ta ce tsarin kansa ba shi da tabbas, kuma maganin da aka saba shi ne dakatarwa. Gara a rubuta hakan tun yanzu da a je ana jayayya a kansa. Sakin (a) kuwa kai ya fi amfana: idan suka yi barazanar kashe na'urorin daga nesa saboda bashi, ba ka da kwana 73 na jira.

21.8 Sirri

Duk abin da aka faɗa, aka rubuta ko aka yi tayinsa a matakan 21.3 zuwa 21.5 sirri ne, ba ya tauye haƙƙin kowa, kuma ba za a kafa hujja da shi a kotu ba. Wannan bai shafi Sanarwar Saɓani da amsarta ba, ko takardar da dama ana iya gabatar da ita, kamar bayanan na'urori na 21.3, ko shaidar cewa an bi matakan, ko sasantawar da aka sa wa hannu idan ana neman aiwatar da ita. Ba za a kira mai shiga tsakani a matsayin shaida ba.

21.9 Ci gaba da aiki

Yayin da ake bin matakan, Ɗan Kwangila zai ci gaba da kula da na'urorin bisa Jadawali na 4, Mai Rumbu ya ci gaba da biyan duk kuɗin da ba a gardama a kai. Wannan sashe yana nan daram ko da an soke Kwangilar ko wa'adinta ya cika.

Bayani: Lauyansu bai riga ya amince da 21.5(e) ba, yana cewa ba su da iko a kan mai sayar musu da batura. Gayyata kawai aka ɗora musu, ba kawo shi dole ba, don haka shawara ita ce a tsaya a kai. Ana jiran amincewarka kan wannan da kuma kwana 45 na 21.6(a) kafin a aika musu daftarin ranar Litinin.