Roƙon ƙarin wa'adin biya kan kwantenar shadda da yadi

Zuwa ga Shugaban Sashen Sayarwa, Guangzhou

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kasuwa na albarka, mun karɓi takardun kwantenar nan mai ƙafa 40 ta shadda da yadi, wadda aka yi wa lodi ranar 3 ga Maris. Mun gode da yadda kuka cika alkawari kan lokaci.

Jimillar kuɗin kayan dala 84,000 ce. Mun biya kashi 30 cikin ɗari, wato dala 25,200, tun lokacin oda. Ragowar dala 58,800 kuma, bisa yarjejeniyarmu, za a biya cikin kwana 30 daga ranar lodi, wato 2 ga Afrilu. A kan wannan ragowar ne muke neman alfarma.

Kamfanin jirgin ya sanar da mu cewa kayan ba za su iso Apapa ba sai wajajen 12 ga Afrilu. Daga nan sai duban kwastan da biyan haraji, wanda kan ci mako biyu zuwa uku, sannan tirela ta ɗauko su zuwa Kano. Ke nan wa'adin zai cika kaya na kan ruwa, ba mu sayar da ko yadi ɗaya ba. Ga shi kuma harajin kwastan da kuɗin tasha dole ne a biya su kafin kwantena ta fita.

Saboda haka muna roƙon a raba biyan kashi biyu: dala 20,000 ranar 2 ga Afrilu kamar yadda aka tsara, sauran dala 38,800 kuma ranar 17 ga Mayu, kwana 75 ke nan daga lodi. Diloli uku a Kantin Kwari sun riga sun kama fiye da rabin kayan, don haka muna da tabbacin wannan rana.

Abu mafi muhimmanci shi ne takardar lodi. Muna roƙon ku umarci kamfanin jirgin ya sakar mana kayan da zarar biyan farko ya shiga asusunku. In an riƙe ta sai an gama biya, kwantenar za ta zauna a tasha ana lissafa mana tarar jinkiri kullum, kuɗin da ba zai amfani ku ko mu ba. Don ku samu natsuwa, a shirye muke mu kawo takardar lamuni daga bankinmu kan dala 38,800 ɗin, mu kuma ƙara kashi 1 cikin ɗari a kanta saboda jiran.

Idan kun amince, a aiko mana da gyararriyar takardar kuɗi mai ɗauke da sababbin ranakun kafin 20 ga Maris, domin banki na bukatarta kafin ya shirya lamunin. In kuma akwai tsarin da ya fi muku sauƙi, muna sauraro.

Allah ya ƙara arziki, ya bar zumunci.

Naku,
Manajan Saye da Shigo da Kaya
Kantin Kwari, Kano, Nijeriya