Takardar Neman Ƙarin Girma zuwa Muƙamin Shugaban Malaman Gona na Shiyyar Haɗeja

Ofishin Malaman Gona,
Reshen Auyo,
Jihar Jigawa.
12 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga Manajan Sashen Noma da Hulɗa da Manoma,
Ta hannun Shugaban Reshen Auyo.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin neman a duba cancantata ga muƙamin Shugaban Malaman Gona na shiyyar Haɗeja, wanda aka sanar da cewa za a cike gurbinsa daga cikin ma'aikatan kamfani. Na kama aiki a matsayin malamin gona a shekarar 2017, bayan na kammala difloma a fannin aikin gona a Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja, kuma tun daga lokacin nake tare da manoman shinkafar da ke noma wa masana'antarmu a ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa.

Lokacin da aka damƙa mini ƙungiyoyin manoma 9, yawancinsu yafi suke yi, abin da ke cinye iri da yawa, ya kuma sa cire ciyawa ya yi wuya. Ban tsaya ga yi musu bayani a ƙofar gidan mai unguwa ba, domin manomi ba ya sakin abin da ya gada sai ya ga madadinsa da idonsa. Na roƙi ɗan yanki a gonakin manoman da ake jin maganarsu, muka yi renon irin FARO 44, muka dasa shi a layi yana da mako uku, muka kuma raba zuba takin yuriya kashi biyu maimakon a watsa shi gaba ɗaya. Da girbi ya zo, maƙwabta da kansu suka ƙirga buhunan. A yau ƙungiyoyin sun kai 21, kuma dashe ya zama ruwan dare a cikinsu.

Abin da na fi so a duba shi ne biyan bashin iri da taki, domin a nan ne ake gane ko akwai amana tsakanin kamfani da manomi. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta shafe gonaki da dama a ƙasar Haɗeja, na bi gona gona tare da shugabannin ƙungiyoyi muka tantance wanda ya yi asara da gaske, na kawo shawarar a ɗage musu biya zuwa girbin rani, kuma hukumar kamfani ta amince. Da ranin ya zo, kashi 93 cikin 100 na bashin ya dawo ba tare da an kai kowa gaban dagaci ba. Waɗannan alƙaluma suna cikin littafin ma'ajin reshe. Haka kuma shansherar da ake mayarwa daga ma'auni saboda danshi ta ragu ƙwarai, tun da muka saba wa manoma da shanya a kan tamfol da gwada danshin kafin a ɗinke buhu.

Ba zan ce ni kaɗai na yi wannan ba. Shugaban reshenmu ne ya tsaya mini a kan maganar ɗage bashin, abokan aikina na sito su ne suka riƙa fitar da taki a kan kari, kuma dabarar haɗa gayya domin yashe kacala daga magudanan ruwa daga wani abokin aikina na Miga na koyo ta. Na san akwai waɗanda suka nemi wannan muƙami da suka riga ni shiga aiki, wasunsu ma a hannunsu na koyi auna gona, kuma duk wanda aka zaɓa a cikinmu zan yi aiki da shi da zuciya ɗaya.

Idan aka ba ni dama, zan fara da haɗa malaman gonar shiyya a kan tsarin rahoto guda, ta yadda labarin tsuntsayen jan baki ko ƙarancin ruwa zai iso ofis kafin ɓarna ta auku. Ina kuma da niyyar gabatar da tsarin sayen injinan ban ruwa masu amfani da hasken rana ta hanyar ƙungiyoyi, ganin yadda tsadar fetur tun bayan cire tallafi a 2023 ta sa wasu manoman rani rage faɗin gonakinsu.

Na haɗa wannan takarda da kwafin takardun karatuna da rahotannin aikina na shekaru uku da suka gabata, kuma a shirye nake in bayyana gaban kwamiti duk ranar da aka sa. Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da jagoranci.

Naka mai biyayya,
Sani Garba Auyo,
Malamin Gona, Reshen Auyo.